Sunan Asabe Na Biyu

Shekara goma sha ɗaya Asabe tana haya a ɗakin ƙofar gidana a nan Hashimi, ban taɓa ganin ta tashi daga gaban tanda alhali masa ba ta ƙare ba sai ranar wata Litinin. Ta bar mutane tsaye da kwanoni, ta shigo tsakar gida da wayarta a hannu, hannun duk mai.

Ta ce, "Malama, karanta mini. Wai me suke so da ni kuma?"

Na sa tabarau. Saƙon kamfanin waya ne. Sun ce duk layin da ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba, wadda kowa ke kira NIN, za su rufe shi ranar Juma'a.

Na ce, "To ki ba su lambar mana."

"Ba ni da ita."

"Duk shekarun nan da ake shela a rediyo?"

Ta zauna a bakin rijiya, ta goge hannu da gefen zane. Ta ce ta je sau biyu. Duk zuwan a wuri ɗaya take maƙalewa, wato gurbin suna na biyu. A zuwan ƙarshe aka tambaye ta sunan mahaifinta a gaban layi, ta ce ba ta sani ba, wata mata a bayanta ta yi dariya. Ta ɗauko jakarta ta dawo gida.

Na san abin da layin nan yake a wurinta. Ɗanta ɗaya ne, Timoti, yana aikin shimfiɗa tayil a Kamaru. Ba ya riƙe waya wata biyu ba ta faɗa cikin siminti ko an sace ba, don haka ita ba ta da lambar da za ta neme shi. Shi ne ke kira duk Lahadi bayan an taso daga coci, yau da wayar abokin aiki, gobe da ta mai shago. Lambar uwarsa kaɗai ya haddace. In aka rufe layin, aka daɗe, kamfani ya ba wani lambar, shi ke nan, sai dai in ya dawo da ƙafarsa.

Na ce, "Wannan ne ya hana ki barci? Suna na biyu? Ni da na yi shekara talatin da biyar ina raba wa yara shi kyauta?"

Gaskiya na faɗa. Lokacin da nake koyarwa a firamare, rajista tana da gurbi biyu, kuma hedimasta ba ya son ganin gurbi fanko. Yaro ya zo ya ce sunansa Musa, ka tambayi sunan uban, ya sunkuyar da kai don kunya, ko ya ce "Baba". Sai mu tambaye shi daga ina suke, mu rubuta sunan garin. Akwai manyan ma'aikata a Abuja yau da jikokinsu ke alfahari da sunan gidansu, alhali ni na ƙirƙira shi da jan biro kafin a buga ƙararrawar tara.

Ni matsalata akasin ta Asabe ce. Ni Zuwaira ce 'yar Muhammadu ɗan Abdulƙadir ɗan Ladan ɗan Siddiq, kuma kakata tana iya ci gaba da jerowa har shayi ya huce. Takarda ba ta da wurin wannan duka. A makaranta aka yanko Ladan aka manna mini. Yayana da ya shiga soja ya zama Abdulƙadir. Ƙaninmu ya ɗauki Muhammad, wai ya fi dacewa da fasfo. Uwa ɗaya uba ɗaya, sunaye uku, ko asibiti muka je sai mun yi bayani. Shi ya sa in na ji matasa suna cewa sunan da ke kan kati shi ne sunan mutum na gaskiya, nakan yi shiru kawai in ci goro.

Washegari na sa aka karɓo mini fom. Na zauna da biro na cike mata shi da manyan baƙaƙe. Da ta fara zuwa unguwar nan ana ce mata Asabe ta Garam, wai daga can ta taso. Ban ko ɗaga kai ba na rubuta GARAM a gurbin.

Na ce, "Ga shi. Asabe Garam. Ya zauna a baki."

Ta ce, "To, Malama."

Da na kula da na ji yadda "to" ɗin ta fito. Amma ni a ganina na gama aiki.

Ranar Laraba da hantsi muka hau Keke zuwa wurin rajistar. Rumfa ce da bencina a gaban wani ɗaki, mutane cike, rabinsu masu aiki a Abuja da suka saci rana ɗaya, kowa na duba agogo. Saboda furfura aka shigar da mu da wuri. Ma'aikaciyar da ke kan kwamfuta matashiya ce mai suna Ikilima, ta ɗaura ɗankwali kamar za ta biki, amma hannunta da sauri. Ta gaishe mu, ta karɓi fom, ta shiga bugawa. Sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajenmu.

Ta ce, "Mama, zan karanto miki kafin mu wuce. Ki saurara da kyau, don in ya shiga, gyaransa wahala ne, sai da rantsuwar kotu da cigiya a jarida. Sunan farko, Asabe. Suna na biyu, Garam. Haka ne?"

Asabe ta kau da kai daga kwamfutar.

"Mama?"

"A'a."

Na juya na dube ta. Na ce, "A'a me? Ba jiya muka gama ba?"

Ta ce, "Ke kika gama, Malama. Ni ba 'yar Garam ba ce. Aure ya kai ni. Shekara huɗu na yi a can, kuma ba na son a riƙa kirana da su."

Wani mutum mai jakar kwamfuta a bakin ƙofa ya ce, "Haba Mama, a sa ko mene ne mana, muna da ofis fa."

Ikilima ta ce masa, "Oga, ofis ɗinka ba zai gudu ba." Ta dawo kan Asabe. "To sunan maigida fa? Yawancin iyayenmu mata shi suke sawa."

"Yohanna ya tafi Legas Timoti na goye. Ko wasiƙa. Ni zan ɗauki sunansa in sa a jaka in riƙa yawo da shi?"

"Wasu masu suna ɗaya sukan maimaita. Asabe Asabe."

"Sai ka ce ana kirana daga bayan gida."

Ikilima ta kusa yin dariya, ta danne. Ta bayyana mana cewa kwamfutar ba ta wucewa shafi na gaba in gurbin nan fanko ne. Na tsakiya ana iya barinsa, amma wannan dole ne. Ta tambaya ko akwai wata takarda da Mama ta zo da ita.

Asabe ta kwance wata leda, ta fito da kati da ya yi launin ƙasa, an naɗe shi har ya kusa rabewa huɗu. Katin baftisma ne na tun tana budurwa. Na karɓa na karanta. Suna: Asabe. Uba: an ja layi. Uwa: an ja layi. A can ƙasa, da wani irin tawada, an rubuta: Mai riƙo, Debora.

Na ce, "Wace ce Debora?"

A nan, a gaban kwamfuta da mai jaka da kowa, na ji abin da ban taɓa tambaya ba cikin shekara goma sha ɗaya. Shekarar da cutar agana ta shiga ƙauyukan nan, wata ranar Asabar, aka tsinci jaririya a wata bukka a gefen hanya, manyan da ke ciki sun mutu, kuma baƙi ne, ba wanda ya san su. Wata mai ginin tukwane, Debora, ta ɗauke ta. Ita ta sa mata Asabe, ta goya ta, ta koya mata suyar masa, ta aurar da ita, kuma ita ta karɓe ta da auren ya watse. Da aka tashi ƙauyensu don gina Abuja aka mai da su Sabon Wuse, can Debora ta rasu.

Asabe ta ce, "In dole sai an sa wani a bayana, ita ce a bayana. A sa ta."

Mai jaka ya ce, "Sunan mace? Ba a yi ai."

Ina jin haushin kaina a lokacin, sai na sauke a kansa. Na ce, "Ɗana, wa ya hana? Karanto mini inda fom ɗin ya ce sai namiji. Na ga mai sunan gari, na ga mai sunan sana'a, na san wani darakta da sunan gidansu sunan kasuwar da kakansa ke sai da gishiri ne. Duk kwamfuta ta haɗiye ba ta shaƙe ba."

Ikilima ta ce, "Hajiya ta yi gaskiya, kwamfuta ba ruwanta. Amma ni da ruwana. Katin nan suna ɗaya ke kansa. Ina buƙatar takarda da ta haɗa sunayen biyu wuri ɗaya. Wasiƙar shaida daga coci ko daga mai unguwa ta isa, da hatimi." Ta ɗan rage murya. "Sai dai ku sani, ko yau aka ɗauke ta, lamba takan yi kwana biyu ko fi kafin ta fito. Kowace rana kuka ƙara, Juma'a na matsowa."

Na ja Asabe gefe. Na ce mata ta yi tunani, in an rufe layin Lahadi Timoti zai kira ya ji shiru.

Ta ce, "Na sani."

"To?"

"In an rufe ana buɗewa?"

Ikilima ta ce ana buɗewa, in dai an kai lambar ofishin kamfanin ba a ɓata lokaci ba.

Asabe ta ce, "To zai ji shiru sau ɗaya. Ni na ji nasa shirun wata uku lokacin da ya fara tafiya, ban mutu ba." Ta mai da katin cikin leda ta ɗaure.

Ranar Alhamis muka je cocinsu. Fasto ya yi tafiya, sai sakataren coci, Dattijo Titus, tsohon akawun ma'aikatar gona, mutum mai son ƙa'ida fiye da abinci. Ya ba ni kujera mai hannu, ya kira ni Malama, don na koyar da 'yarsa Blessing. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya jawo wani babban littafi ya buɗe.

Ya ce, "Maman Timoti, a nan an ɗaura miki aure da Yohanna. Ba a rubuta an raba ba. A wurin coci ke matar Yohanna ce. Mace sunan mijinta take ɗauka, haka aka saba."

Na ce, "Dattijo, tun yaushe aka saba?"

"Tun da can."

"Mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, wa ake ce da ita?"

Ya ce, "Ladi."

"Ladi wa?"

"Ladi kawai. Amma wancan zamanin jahiliyya ne, ba takarda."

"To ashe takarda ce ta saba, ba mu ba. Ni ma na yi mata aiki, na sani. Ba wa'azi muka zo ka sake ba. Abu ɗaya za ka shaida: matar nan da ka sani, Debora ce ta raine ta ko ba ita ba ce?"

Ya ce, "Wannan kowa ya sani. Na san Mama Debora. Randar da ke gidanmu har yau ginin hannunta ce." Ya rufe littafin, ya sake buɗewa. "Amma Timoti fa? Takardunsa duka Timoti Yohanna ne. Gobe in wani abu ya taso, a ce uwa da ɗa suna bai zo ɗaya ba?"

Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. Na ce masa a fom akwai wurin da ake rubuta magaji, da sunansa da dangantakarsu, can za a sa Timoti a matsayin ɗa. Na ƙara da cewa ni da 'yan'uwana biyu sunayenmu uku ne, kuma ba wanda ya hana mu zuwa jana'izar juna tukuna.

Sai a ƙarshe Asabe ta ce, "Baba Titus, ranar da za ku karanta tarihina a gaban akwatin gawata, wa za ka ce ya yi ni? Rubuta shi tun yanzu in ji da kunnena."

Titus ya jawo takarda da biro. Sannan ya ce zai rubuta, amma da nasa kalmomin. Ya ɗauki kusan awa ɗaya. Wasiƙar ta ce coci ta san wannan mata da suna Asabe Debora, wadda kuma ake kira Maman Timoti, wadda ta auri Yohanna a shekara kaza. Bai yarda ya bar Yohanna a waje ba, ya dai tura shi layi na huɗu. Asabe ta ce layi na huɗu ya ishe shi. Sai dai hatimi yana cikin durowar Fasto, makulli kuma yana aljihun Fasto, Fasto kuma sai Asabar.

Ranar Juma'a da la'asar layin ya mutu. Ta kawo mini wayar na gwada, ba shiga ba fita.

Lahadi ta dawo daga coci ta zauna a ƙofar ɗaki da wayar a cinya, ko da yake ta san ba abin da zai shigo. Na aika mata da tuwo, ya dawo kamar yadda ya tafi. Na fita na zauna kusa da ita. Na ce da ban yi gaggawar rubuta Garam ba, da na tambaye ta tun Litinin, da mun sami Fasto kafin ya tafi.

Ta ce, "Da kin tambaya ma da 'to' zan ce. Ke Malama ce."

Wannan ya fi zagi zafi. Na zauna ina tuno yara nawa suka ce mini "to" a gaban rajista.

Litinin muka koma da wasiƙa da hatiminta shuɗi. Ikilima ta karanta, ta ɗauki hoton takardar, ta buga. Ta juyo da kwamfutar.

"Sunan farko, Asabe. Suna na biyu, Debora. Haka ne, Mama?"

"Sake faɗa."

"Asabe Debora."

"Haka ne."

Aka auna tsayinta, aka ɗauki hoto, ta ƙi yin murmushi wai ba a wasa da hoton gwamnati. Yatsun ne suka ba da wahala. Shekara arba'in na tanda sun shafe zanen, sai da Ikilima ta sa ta goga su a goshi, ta danna, ta sake dannawa, kafin na'urar ta karɓa. Aka ba ta 'yar takarda, aka ce ta dawo Alhamis.

Alhamis lamba ta fito. Daga nan muka wuce ofishin kamfanin waya. A can muka gano cewa wanda ya yi mata rajistar layin a ƙarƙashin lema shekarun baya ya rubuta Asabe Asabe ne, bai ma tambaye ta ba. Suka sake ɗaukar hotonta da yatsa, suka gyara sunan ya dace da na lambar, suka ce ta jira saƙo. Muna cikin Keke a hanyar gida wayar ta yi ƙara a cikin leda. Tallar waƙoƙi ce kamfanin ya turo. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da talla irin haka ba.

Lahadi tun sha biyu ta baza tabarma a tsakar gida, wai sabis ya fi ƙarfi kusa da rijiya. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai tsawo. Ta danna ta sa a lasifika, don kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

Muryar Timoti ta fito da ƙarfi, da hayaniyar motoci a bayansa. "Mama! Me ya sami wayarki? Sau bakwai na kira wancan satin. Har na fara tambayar kuɗin mota."

"Ka tambaya dai, ba ka hau ba."

"Lafiya kike?"

"Lafiya lau. Gwamnati ce ta ce sai na yi suna biyu."

"To me kika sa? Yohanna?"

"Debora."

Aka ji ƙarar hon a can. Sannan ya ce, "Kaka? Sun yarda?"

"Da hatimi ma."

Ya yi dariya har muryar ta sarƙe. Ya ce shi ma da ya sani da ita ya sa. Ta ce ya bar nasa yadda yake, gyara sai da kotu da jarida, ita yanzu ta san dokar. Sannan ta ce ya tsaya, kada ya kashe, Malama na nan da biro, ya faɗi lambar mai shagon da ta abokin aikinsa da ta duk wanda ya sani a garin. Ya fara karantowa, mai wayar yana yi masa faɗa da Faransanci a gefe, ni kuma ina rubutawa a bayan kalanda, ina maimaita masa kowace lamba sau biyu.